Na tura jerin waƙoƙin biki, rabin dangi sun ce ba ya buɗuwa

Hadiza (Zariya): Assalamu alaikum jama'ar gida, daga unguwar Zariya ta nan Maradi. Don Allah a taimaka mini da shawara. Bikin ƙanwata Zuwaira saura kwana 12. Na zauna na tsara waƙoƙi 18 cikin Spotify, waɗanda muke so a sa ranar lalle da ranar wuni, na kwafi liyen na jefa a gurup ɗin danginmu don kowa ya saurara, ƙawayen amarya kuma su san waɗanda za su taka. Tun jiya waya ba ta huta ba. Goggo Barira daga Tibiri ta ce ita ta latsa sai ya kai ta wurin sauke aplikasiyon. Ƙawar amarya ta ce tana ganin sunayen waƙoƙin duka amma in ta taɓa sai a ce ta buɗe kont. Yaya Habu da ke Katsina shi yana da kont, suna yi mishi, amma ya ce guda 3 sun yi fari-fari ba sa taɓuwa. Ni kuma a wayata duka 18 suna yi lafiya lau. Mi na yi ba daidai ba?

Rabi'u: Wa alaikumus salam. Allah ya sa a yi lafiya, ya ba da zaman lafiya. Rezo ne kawai Hadiza, kwana biyun nan ko ni bidiyo da ƙyar take buɗewa. Ki ce su sake gwadawa da dare.

Sani mai gyaran waya: Amin amin. Rabi'u ba rezo ba ne. Da rezo ne, shafin ma ba zai fito ba, sai ka ga yana ta juyawa. Wadda ta ga sunayen waƙoƙi 18 reras ai rezonta ya kawo ta har ƙofa, ƙofar ce aka rufe.

Hadiza, abin da kika tura musu ba waƙa ba ce, kwatancen inda waƙar take ne. Waƙoƙin suna can wurin Spotify, su kuma ƙa'idarsu sai mai kont suke kunna wa waƙa cikakkiya. Kont ɗin na iya zama na kyauta, ba dole sai an biya ba, amma dai sai an buɗe shi. Wanda ba shi da shi zai ga sunan jerin, hoton, da sunayen mawaƙa. Iyakar abin da wani lokaci ake ɗanɗana mishi shi ne daƙiƙa 30 na waƙa, shi ma ba ko'ina ba. Ke kina jin komi saboda wayarki ta san ki, kina ciki tuntuni.

Hadiza (Zariya): To Malam Sani, ita Goggo da aka kai wurin saukewa fa?

Sani mai gyaran waya: Abu ɗaya ne da na ƙawar amarya, hanya ce ta bambanta. Babu aplikasiyon ɗin a wayarta, sai shafin ya nuna mata maɓallin da zai kai ta `Play Store`. In ta sauke, zai sake tsayar da ita ya ce ta shiga da imel, ko lamba, ko kont ɗin Google. Wayar Goggo wace iri ce?

Hadiza (Zariya): Ƙaramar itel ce mai shafawa. Kullum cikin kukan ta cika take, jikokinta ke goge mata hotuna.

Sani mai gyaran waya: To kada ma ki wahalar da ita. Irin waɗannan nake gani kullum a shago, in ka ƙara musu aplikasiyon ɗaya WhatsApp ɗin ma sai ya fara ƙin sauke murya.

Nafi'u ɗalibi: Anti Hadiza, guda 3 ɗin nan da sunka yi fari wurin Yaya Habu ni na san dalili. Maganar ƙasa ce. Kowace waƙa da ƙasashen da aka yarda a ji ta. Ke kont ɗinki na Nijar ne, shi nashi na Najeriya. Mu ma a jami'a haka ta faru, abokinmu da ke karatu Maroko ya turo jeri, biyu ciki ba su yi mana ba.

Sani mai gyaran waya: Abin da ka faɗa akwai shi Nafi'u, ba ƙarya. Amma kada mu yanke tukuna, don abu biyu ke sa waƙa ta yi fari a jerin wani. Hadiza, guda 3 ɗin nan, a ina kika same su? Cikin Spotify kika nemo su ko dama suna cikin wayarki?

Hadiza (Zariya): Su ne waɗanda aka yi wa amarya a situdiyo, masu sunanta da na ango da na iyaye. Mai situdiyon ya tura mini ta Xender, ni kuma na ga sun fito cikin aplikasiyon ɗin sai na ƙara su cikin jerin.

Sani mai gyaran waya: Shi ke nan, ga shi. Waɗannan ba su taɓa zuwa wurin Spotify ba. Akwai wani saiti da ke barin aplikasiyon ya nuna miki waƙoƙin da ke ajiye cikin wayarki, ana kiran wurin `Local Files`, a wayar Faransanci `Fichiers locaux`. Yana barin ki jera su tare da sauran, amma ba ya ɗaukarsu ya kai sama. Abin da ya tafi cikin jerin suna ne kawai. Shi ya sa Yaya Habu ke ganin sunan babu sauti. Ko maƙwabciyarki ta nan Zariya mai kont ɗin Nijar ta buɗe, fari za ta gani.

Ga yadda ake bambancewa. In waƙa ta yi wa mutanen ƙasa ɗaya amma ta ƙi na wata ƙasa, maganar Nafi'u ce. In ta ƙi kowa da kowa sai mai jerin shi kaɗai, daga cikin wayarshi take. Ki gwada: je wurin bincike ki rubuta sunan waƙar. In ba ta fito cikin sakamako da shafin mawaƙinta ba, to ba ta can.

Hadiza (Zariya): Na rubuta, ba su fito ba. Wallahi ni na ɗauka duk abin da na sa a jeri ya hau ke nan. Kuma su ne ma waɗanda aka fi so a ji, Hajiyarmu tun shekaranjiya take tambayar wadda aka ambaci sunan marigayi Baba.

Nafi'u ɗalibi: Na yarda Malam Sani. Amma ko sun buɗe kont na kyauta ai ba abin da zai yi musu, don a waya ba ka zaɓen waƙa, shi ke yamutsa maka su, ga talla.

Sani mai gyaran waya: Da haka yake, shekara da shekaru. A watan Satumba 2025 sun sassauta, yanzu mai kont na kyauta na iya taɓa waƙar da yake so ta fara. Sai dai ba sakin wuya suka yi gaba ɗaya ba, akwai iyaka a yini, in ka cinye ta sai a mai da kai ga yamutsawa da ƙidayar tsallake. Talla kuma tana nan. Ajiye waƙa don ji ba intanet, wannan sai mai biya. Don haka ƙawayen amarya da ke son maimaita waƙa ɗaya sau ashirin suna koyon rawa, ba zai yi musu daɗi ba.

Alhaji Isufu: Salamu alaikum. Ni ban ga abin wahala ba a nan. Ɗiyata, ki ba su lambar sirrinki kowa ya shiga da naki, tunda dangi ne. Mu haka muke yi da na kallon ƙwallo ni da yarana.

Mushe Lawali: Alhaji, da girmanka, wannan ba za ta yiwu ba. Ni na gwada da matata. Kont ɗaya waya ɗaya ke kunnawa a lokaci guda. In tana saurare a gida na kunna a lakkwal, nata sai ya tsaya. Ka ɗauka mutum arba'in ne a gurup, sai dai a yi ta ƙwace wa juna. Kuma duk wanda ya shiga yana iya goge jerin ko ya canza shi, don a idon aplikasiyon shi ne Hadiza.

Alhaji Isufu: To Mushe, na ji. Ni dai nufina a sauƙaƙa wa mutane.

Rabi'u: Akwai wanda ake turawa ta Xender wanda aka buɗe mishi komi, ba talla ba biya. In ana so ina da shi.

Sani mai gyaran waya: Rabi'u don Allah kada ka tura shi cikin dangin mutane. Na farko, shi ma sai ka shiga da kont, ka ga bai warware komi ba. Na biyu, ba ka san wanda ya taɓa cikinshi ba, kuma lambar sirrinka kake rubuta mishi da hannunka. Wayoyi nawa aka kawo mini suna buɗe talla su kaɗai, in na bincika irin waɗannan ne. Wayar Goggo ba za ta ɗauki wannan ba.

Hadiza, ga abin da zan yi da ni ne. Raba waƙoƙin gida biyu. Guda 15 na mawaƙa ki sake jera su a YouTube. Guda 3 na situdiyo ki tura su kai tsaye. YouTube ba ya tambayar kowa kont kafin ya kunna, kuma kusan duk wayar Android da shi take zuwa, ba sai an sauke komi ba. Ke mai tsarawa ke kaɗai ke buƙatar kont.

Yadda za ki yi: nemo waƙar farko, ki taɓa `Save` ko `Enregistrer` a ƙarƙashin bidiyon, ki zaɓi sabon jeri, ki sa mishi suna. Nan ne wurin da ake faɗuwa, don zai tambaye ki wa zai iya gani, kuma zaɓi uku ne. `Private` ko `Privée`, wannan ke kaɗai, ko kin tura liyen ba zai buɗe wa kowa ba. `Public` ko `Publique`, duniya duka na iya samunshi. Na tsakiya shi kike so, `Unlisted` ko `Non répertoriée`: ba ya fitowa a bincike, amma duk mai liyen zai buɗe, da kont ko babu. Sauran waƙoƙin sai ki yi ta ƙara su cikin jerin nan.

Hadiza (Zariya): To bari in gwada yanzu kafin a ɗauke wuta.

Hajiya Mariyama: Kafin ta dawo, ni ma ina da tawa. Ni ba waƙa ba ce, karatun tafsiri ne na tara a YouTube, duk wanda na ji ya yi mini sai in danna hannun nan na yabo, suka taru wuri ɗaya. Na so in tura wa ƴar uwata a Tasawa, na rasa inda ake turawa. Ɗana ya kwafo daga kwamfuta ya tura mata, ta ce ita nata ta gani ba nawa ba.

Mushe Lawali: Hajiya, wancan wurin da suke taruwa in kin danna yabo ba jerin da ake rabawa ba ne. Shi da na "kallo daga baya" na mai waya ne shi kaɗai. Sai kin buɗe sabon jeri kamar yadda Sani ya faɗa, ki kwashe su ɗaya-ɗaya ki zuba ciki. In suna da yawa ki sa yaron ya zauna ya yi miki.

Hajiya Mariyama: Sun fi sittin. To Allah ya kai mu hutun makaranta.

Hadiza (Zariya): Na dawo. Na samu 14 cikin 15, ɗaya ban same ta ba sai wadda wani ya ɗauka a wurin biki, hayaniya ta yi yawa, na bar ta. Na tura liyen a gurup. Yanzu Goggo ta ce ta ji, alhamdu lillahi, amma waƙa ɗaya ce ta yi, da ta ƙare sai wani wa'azi ya biyo baya.

Sani mai gyaran waya: Manna mana liyen nan mu gani, ko farkonshi kawai.

Hadiza (Zariya): Ya fara da `youtu.be/` sai wasu haruffa.

Sani mai gyaran waya: Na bidiyo ɗaya kika kwafa. Kina cikin kallon waƙar farko kika taɓa `Share`, shi kuma ya ba ki na abin da ke kan allo. Fita daga bidiyon, ki je shafin jerin kanshi, inda sunan da kika sa yake a sama da adadin bidiyon, ki taɓa `Share` ko `Partager` daga can. Na jeri ga kamarshi:

```
https://youtube.com/playlist?list=PL...
```

Abin da za ki duba shi ne `list=`. In babu shi cikin liyen, waƙa ɗaya kika tura.

Kuma kafin ki sake jefawa a gurup, yi wannan gwajin, shi ne abin da nake so kowa a nan ya riƙe. Buɗe Chrome, taɓa ɗigo ukun nan na sama, zaɓi `New Incognito tab`, a Faransanci `Nouvel onglet de navigation privée`. Shafin zai yi baƙi. Ki manna liyen a can da hannunki. A cikin wannan shafin ba a san ki ba, baƙuwa ce ke, abin da kika gani shi wanda ba shi da kont zai gani. Kada ki taɓa liyen daga cikin WhatsApp ki ce kin gwada, don zai buɗe aplikasiyon ɗinki ne, inda dama an san ki. Da kin yi wa na Spotify haka jiya, da kin ga ƙofar a rufe tun kafin Goggo ta kira.

Hadiza (Zariya): Na yi. A baƙin shafin ya nuna jerin, na taɓa ta farko ta yi, ta biyu ta biyo. Amma ta 9 ta ce sai na shiga don a tabbatar da shekaruna.

Sani mai gyaran waya: Madalla da kika gwada har can. An sa wa wannan bidiyon iyakar shekaru, irinshi ba ya buɗuwa sai da kont. Nemi wata ɗorawar ta waƙar, galibi akwai mai hoto tsaye ba rawa, ki musanya.

Nafi'u ɗalibi: Amma Malam Sani gwajin nan ba zai nuna mata abin da Yaya Habu zai gani a Katsina ba ko?

Sani mai gyaran waya: Gaskiyarka. Yana cire kont ne, ba ya cire ƙasa. Tana Maradi, abin da aka yarda a gani a Nijar za ta gani. Don na waje sai ta sa mutum ɗaya a can ya bi jerin ya faɗa mata. A YouTube ma mai waƙa na iya rufe ta ga wasu ƙasashe.

Zainabu tela: Ni ina cikin ƙawayen amarya, bari in faɗi nawa. YouTube ɗin nan yana buɗewa, i, amma mega yake sha kamar rijiya ta tsage. Kuma ina ɗinki ina so in sa waya a aljihu, da na kashe allo sai waƙar ta tsaya. Ga anko goma sha ɗaya a gabana, ba zan zauna riƙe da waya ba.

Mushe Lawali: Tsayawar nan haka aka yi shi, sai masu biya ke ji da allo a kashe. Maganar mega kuwa, bari mu yi lissafi. Waƙar MP3 ta yau da kullum, mai ingancin sauti 128 kbps, tana cin kusan mega 1 a minti ɗaya. Waƙoƙi 18, a ce kowace minti 5, minti 90 ke nan, wajen mega 86. Wannan sau ɗaya za ki biya shi, waƙar ta zauna a wayarki. A YouTube kuwa hoto kike saukewa tare da sauti, kuma duk ranar da kika sake bin jerin sai kin sake biya. Abin da zai rage miki shi ne ki taɓa alamar saiti a kan bidiyon ki mai da ingancin hoto `144p`, tunda kunne ke aiki ba ido ba.

Zainabu tela: To ai ka faɗi maganata Mushe. A turo mana su MP3 kawai a huta. Mutum ɗaya ya sauke, mu haɗu gidan amarya a raba ta Xender, ko dala ba mu kashe ba.

Mamman situdiyo: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, a nan ne zan sa baki. Guda 3 na amarya, ba ni na yi su ba amma na san yadda aikin yake: dangi sun biya, nasu ne, su raba yadda suka ga dama. Shawarata ma Hadiza ki tura su ta WhatsApp a matsayin `Document`, su isa da sunansu kamar yadda mai situdiyo ya ba ki, wanda ya sauke ya same su cikin wayarshi. Kada ki kunna a sifika ki ɗauka da saƙon murya kamar yadda wasu ke yi, kiɗan duk mutuwa yake, aikin kwana uku ya koma kamar daga cikin tulu.

Amma sauran 15 ɗin na mutane ne. Yaron da ya yi waƙa ya biya situdiyo, ya biya mai kiɗa, ya biya ƴan amshi. In kun ji ta liyen, ko ba komi ƙidayarshi na hawa, da ita yake nuna wa mai gayyata cewa ana jin shi. In aka raba ta Xender, mutum ɗari sun ji, shi bai san an yi ba. Muna da hukumar BNDA a ƙasar nan don haƙƙin masu fasaha, amma ba za ta bi kowa cikin wayarshi ba, sai dai mu mu ji tsoron Allah.

Zainabu tela: Malam Mamman ban ƙi taka ba, ni ma da hannuna nake ci, na san zafin a kwafi ɗinkinka a kai wa wani. Amma mawaƙan nan da kansu suke kai waƙa wurin masu turi a kasuwa don ta yaɗu. Kuɗinsu a wurin biki suke samu, ba a waya ba. Kakar amarya tana Madarunfa da ƴar waya mai maɓalli da katin memori, wane liyen za a tura mata?

Mamman situdiyo: Wanda ya kai da kanshi ya yarda ke nan, ba ni da magana. Ba duka ke kaiwa ba. Ta Kaka kuwa ban ce komi ba, ita ba ta da wata hanya. Ina magana a kan mai babbar waya da forfe a ciki.

Alhaji Isufu: Mu da can kaset muke saye, in ka ara wa maƙwabci ba wanda ya ce ka ci haƙƙi.

Mamman situdiyo: Kaset ɗin ai ka saya Alhaji, kuma in ka ara, kai ba ka da shi sai an maido.

Nafi'u ɗalibi: Akwai tsakiya fa. Audiomack. Da yawa cikin mawaƙan Hausa suna ɗora waƙoƙinsu can da kansu. In ka tura liyen yana kunnawa cikin burauza ba sai da kont ba, kuma sauti ne kawai ba bidiyo, megan bai kai na YouTube ba. Cikin aplikasiyon ɗinsu ma akwai waɗanda ake ajiyewa kyauta a ji ba intanet.

Sani mai gyaran waya: Haka ne, ni ma ina amfani da shi. Abu biyu dai. Shafin zai yi ta roƙon mutum ya sauke aplikasiyon, wanda bai saba ba sai ya ɗauka dole ne, kamar yadda Goggo ta yi jiya. Sai kin gaya musu su rufe wannan su taɓa alamar kunnawa. Na biyu, abin da ka ajiye cikin aplikasiyon yana zaune cikinshi ne, ba fayil ba ne da za ka ɗauka ka sa wa Kaka a kati. Boomplay da ke zuwa cikin Tecno da Infinix da itel ma mutane na kawo mini wannan ƙorafin, sun sauke waƙa sun neme ta a cikin waya su tura sun rasa. Hadiza, in kina da lokaci ki duba nawa cikin 15 ɗin ke Audiomack, ki yi musu gwajin baƙin shafi. In duka suna can, ga su Zainabu ya fi YouTube. In rabi ne, kada ki raba wa mutane hankali da liyen biyu.

Hadiza (Zariya): Na duba, 9 na samu, sauran ko babu ko wani ne ya ɗora da wani suna ban tabbata su ba ne. Zan bar na YouTube. Na gyara ta 9, na tura sabon liyen mai `list=`, na tura guda 3 ɗin ta `Document`. Hajiyarmu ta ji tata, ta kira ni tana kuka. Na gode ƙwarai, Allah ya saka.

Tambaya ta ƙarshe. Mai kiɗan da zai zo ranar wuni, shi ma liyen zan tura mishi?

Mamman situdiyo: A'a! Wannan kam a'a. Ki tura mishi don ya ga sunaye da yadda kika jera su, amma kada a kunna daga intanet a filin biki. Amarya na tsakiyar fili talla ta shigo, ko rezo ya yanke don mutum ɗari biyu sun taru wuri ɗaya kowa na ɗaukar bidiyo. Na ga an yi, ba daɗi. Shi sana'arshi ce, yana da waƙoƙin a na'urarshi. Ki rubuta mishi sunayen tun yanzu, ki kai mishi guda 3 na situdiyo a kile, ki tsaya ya kunna kowace a gabanki kwana biyu kafin ranar.

Zainabu tela: To shi mai kiɗan a ina ya samo nashi Malam Mamman? Ba wurin masu turin ba?

Mamman situdiyo: Wannan doguwar magana ce Zainabu, kuma ina da abin faɗi a kanta. Bari in sallami mutanen da ke gabana.

Rabi'u: Ni dai na buɗe sabon liyen daga nan unguwar Ali Ɗan Sofo, yana yi. Amma 13 nake gani, ba 14 ba.

Hadiza (Zariya): Ni 14 nake gani a nan. Yaya Habu ma ya ce 14.

Sani mai gyaran waya: Rabi'u, sauka ƙasan jerin ko ka taɓa ɗigo ukun, ka ga ko an rubuta cewa an ɓoye bidiyon da ba ya samuwa. Hadiza ke kuma sake buɗe shi a baƙin shafi ki ƙidaya da yatsa, kada ki dogara da lambar da ke sama. Mai yiwuwa wanda ya ɗora ɗaya daga ciki ya cire ta ko ya rufe ta da yammacin nan. In kun gano wace ce ku faɗa mini, ina shago har bayan isha'i.